Miyar Tauren Yunis

Hantsi bai gama ɗagawa ba miyar Ƙauna ta nuna. Dage-dage ce, cike da babbar tukunyar zumuntar mata da ta aro daga coci, irin tukunyar nan da sai mutum biyu sun kama kunnuwanta kafin ta motsa. Manja ya taso ya kwanta a sama, tsokar nama na leƙowa ta ko'ina, ƙamshi kuwa ya tsallake katanga ya shiga gidajen maƙwabta ba sallama.

Ranar Talata ce, ranar da mazan unguwarsu, can bayan Tsiga, suka sa za su yi mata gayyar karyar masara. Mijinta Yunis shi ya shuka masarar, shi ya yi mata noman fari, amma bai ga bunninta ba. Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi a tsakiyar damina. Ya bar mata gona, da yara biyu 'yan makaranta, da tsohuwarsa Mama Victoria, da wani taure fari mai baƙin kunne. Tun tauren yana ƙarami Yunis yake shafa bayansa yana cewa, “Wannan na masu gayya ne. Duk wanda ya sunkuya a gonata bana sai ya san ya ci nama.” Sau biyu dillalai suka zo taya shi bayan rasuwar, sau biyu Ƙauna ta sallame su. Jiya da yamma Malam Mudi, wanda shi ke kiran gayya a unguwar, ya zo da wuƙarsa ya yanka shi, don kowa ya ci ba tare da wasu-wasi ba. Haka ake yi a nan tun kakanni, ba wanda ya taɓa zama ya tsara.

Ta sa matar maƙwabcinta ta kama mata sun sauke tukunyar, ta ɗora ruwan tuwo ke nan, sai ta ji salati daga gabas. Kafin ta kai ƙofa labari ya iso. Nana Khadija, mahaifiyar Malam Mudi, ta cika. Mazan da suka fara taruwa bakin hanya da buhunansu kowa ya juya gida ya ɗauko hularsa. Wani dattijo mai suna Rabe ya tsaya daga zaure ya ce, “Maman yara, sai haƙuri. Gayya sai an ga bayan sadakar uku.”

“Allah ya jiƙanta, ya ba Malam haƙuri,” in ji Ƙauna, kuma har zuciyarta ta faɗa, don tsohuwar ta yi mata kirki. Amma da ta juyo ta ga tukunyar nan zaune a tsakar gida tana tururi, sai ta shiga lissafi. Ba ta da wani tauren. Ba ta da abin sayen ko ƙafar wani. In miyar nan ta lalace, ranar da mutane suka zo suka ba ta ƙarfinsu, da me za ta tarbe su?

Mama Victoria ba ta ga abin tashin hankali ba. Ta taso daga tabarmarta tana dogara sanda, ta leƙa tukunyar.

“Mayar da ita wuta ta ƙara tafasa,” ta ce. “Ki rufe ruf, ki ɗora gawayi a kan murfin, kada wanda ya sa mata ludayi. Da yamma a tafasa, da safe a tafasa. Haka uwata ta yi, haka na yi, ga ni kuma ban mutu ba.”

Mama takan rufe kusan kowace gardama da wannan maganar, kuma da wuya a samu abin ce mata, tunda ga ta ɗin a tsaye.

Ƙauna dai hankalinta bai kwanta ba. Ta san dabarar Mama a 'yar tukunyar gida, wadda ake cinyewa gobe. Wannan kuwa kwana uku ake magana ko fiye, ga zafin kaka da ke sa mutum gumi ko a inuwa. Sai ta tuna da firjin Inna Hansai.

Inna Hansai katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ta yi shekaru tana girkin biki daga Bakori har Funtuwa kafin gwiwa ta zaunar da ita, yanzu zoɓo da kunun aya take sayarwa. Ɗanta Kabiru ya kafa mata sola a kan rufi da batura, ya kawo mata firji, don haka wutarta ba ta ɗaukewa. Mace ce mai faɗa da baki, mai kyauta da hannu, kuma duka biyun ba ta iya yin su kaɗan ba.

Ƙauna ta same ta tana neman mayafin zuwa gaisuwa. Ta durƙusa ta gaishe ta, suka yi wa juna ta'aziyya, sannan ta ce, “Inna, alfarma na zo nema. Ko za ki bari in sa tukunyar miyar nan a firjinki zuwa bayan uku?”

“Wace tukunyar? Ta cocinku?”

“Ita.”

Hansai ta ajiye mayafin. “Ke ɗiyar nan, firji ne ko rumbu? To ko da za ta shiga, ba zan sa ba. Yaushe kika sauke?”

“Yanzun nan, ko ruwan tuwo bai tafasa ba.”

“Alhamdu lillahi, da sauranmu. Wuce mu je.”

Ta shigo gidan tana ɗingishi, ta gaida Mama Victoria da girmamawa, don Mama ta girme ta nesa ba kusa ba. Ta tarar har an rufe tukunyar, ga gawayi zaune a kan murfi. Ta ɗauke gawayin a hankali ta miƙa wa Mama, ta buɗe.

“Hansai, kin buɗe!” in ji Mama. “Iska ta shiga ke nan.”

“Yaya, iskar nake so ta shiga. Dabararki ba ƙarya ba ce a ƙaramar tukunya, tana hucewa da wuri, gobe kuma an cinye. Wannan fa? Dubi man da ya kwanta a sama, kamar an lulluɓe ta da bargo. In aka bar ta haka, gefe zai huce, cikinta kuwa yana nan da ɗumi har dare, har wayewar gari. Ɗumin nan shi ne masifar. Miya in tana ƙuna lafiya, in ta yi sanyi ƙalau lafiya. Tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa.”

“Ba an tafasa ba? Wace cuta ce za ta tsira a wuta?”

“Akwai masu tsira, Yaya. Kamar irin ciyawa suke, a ƙone gona ƙurmus, ruwa na sauka su tsiro. Suna nan kwance sai miya ta koma ɗumi-ɗumi su farka. Wasu ma in sun yi yawa suna barin dafi a ciki, wanda ko an sake tafasawa ba ya fita. Kuma ba lallai ta yi tsami ko wari ba. Mutum ya ci yana santi, da dare ciki ya murɗa.”

Ƙauna ta ce, “To ba shi ya sa na ce a sa a firji ba, Inna?”

“A sa ta haka ɗungurungum? Sanyin firji ba zai kai tsakiyarta ba sai gobe, kafin nan abin da ake gudu ya faru. Ta kuma ɗumama min duk abin da ke ciki. Rarraba ta za mu yi. Awa biyu muke da su daga saukewa, kafin su cika ina son ta huce ta shiga firji. Nemo min kwanoni, masu faɗi marasa zurfi, na ƙarfe. Duk wanda kika samu.”

Kwanonin Ƙauna masu faɗi huɗu ne, na Hansai shida, ba su kai ko rabi ba. Sai Ƙauna ta yafa gyale ta bi gidaje. Maza duk sun tafi wajen jana'iza, mata suna shirin fita gaisuwa, amma ba wadda ta ce mata ta dawo anjima. Nana Aisha matar Sada ta sauko mata da samirunta na jere masu jan fure, waɗanda ko mijinta ba a zuba wa abinci a ciki sai da salla. Matar Buba ta juye garin da ke cikin tasarta a leda ta ɗauraye ta miƙo. Matar fasto ta ba da kwanonin silba uku da ludayi. Wata tsohuwa da ba ta da komai sai langa ɗaya mai lotsattsen gefe ta ce, “Ungo, ba kyau gare ta ba, amma ba ta yoyo.” Ƙauna ta dawo da kwanoni a ka da hammata suna ƙara, kamar mai tallan kayan aure.

Kafin ta dawo Hansai ta sa an jawo ruwan rijiya an cika baho uku da daro biyu a inuwar ɗurumi. Ta kwashe duk ledojin ruwan da suka daskare a saman firjinta, inda take yin ƙanƙarar zoɓo, ta watsa a ciki. Ta sa aka sake wanke kwanonin tas da sabulu, ta sa Ƙauna ta wanke hannu har gwiwar hannu.

“Tsame manyan tsokokin tukuna, a baza su a tire daban, su suka fi riƙe zafi. Miyar kuma kada zurfinta ya wuce gaɓa biyu na yatsa. A'a, ba yatsan za ki tsoma ba! Da ido za ki auna.”

Suka shiga aiki. Ƙauna na kwasa tana zubawa, Hansai na jera kwanonin a cikin ruwan sanyi, ruwan ya kai musu wuya amma bai shiga ba. Ba a rufe ko ɗaya ba, sai yankin labulen sauro mai tsabta da aka ɗaga a sama saboda ƙuda. Kowane kwano sai an juya shi da cokali, tururi na tashi. Ruwan baho in ya yi ɗumi a zubar a sako sabo. Gumi ya jiƙe wa Ƙauna riga, bayanta ya ƙage, amma duk kwanon da ta taɓa gindinsa ta ji zafin ya sauka sai ta ji wani abu ya sauka a ƙirjinta ita ma.

Mama Victoria ta zauna tana kallo, baki a taɓe. Ta ce a zamaninsu miya ba ta wanka. Ta ce in an gama sai a shafa mata mai a sa mata kwalli. Da ta ga dai ba mai kula ta, kuma Hansai na ta nishi da gwiwa, sai ta jawo kujerarta kusa da baho ɗaya ta ce, “Ba ni cokalin nan, ba haka ake juya miya ba.” Ita ta yi ta juya miyar kwanonin bahon nan har suka huce, tana yi tana mita.

Rana ba ta kai tsaka ba suka gama. Hansai ta kwashe robobin zoɓonta da na kunun aya kaf daga firji ta jera a ƙasa. Ƙauna ta ce, “Inna, cinikinki fa?”

“Wa zai sha zoɓo ana makoki? A kai gidan rasuwa masu gaisuwa su jiƙa maƙoshi. Miƙo kwanon.”

Ƙauna ta san ba gaskiya ba ne, don ranar taro ne ma aka fi shan zoɓo, kuma kwana uku firjin zai yi ba ya kawo wa Inna ko sisi. Ta buɗe baki za ta yi godiya, Hansai ta daka mata tsawa wai tana tsaye tana barin sanyi na fita.

Aka rufe kowane kwano, mai murfi da murfinsa, marar murfi da faranti, aka jera da 'yar tazara a tsakani don sanyi ya zagaya. Firji ya cika, ga sauran miya kaɗan da 'yan tsokoki. Hansai ta zuba su a robobi biyu masu murfi ta tura can sama, gidan ƙanƙarar da ya zama wayam. “Nan kaɗai ne abu ke daɗewa,” ta ce, “sai dai wurin bai fi tafin hannu ba.”

Da za su fita, Mama Victoria, wadda ta biyo su wai don ta ga inda aka kai miyar ɗanta, ta kwance bakin zanenta ta ciro gawayin nan ta ɗora a kan firjin. Hansai ta kalle shi, ta kalli Mama, ta ce, “Bar shi nan, Yaya. Ba ya cin wuta.”

Sannan su ukun suka tafi gaisuwa.

Ranar Laraba da la'asar Rabe ya sake tsayawa a zaure. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. 'Yan'uwan Malam Mudi na nesa suna ta isowa, ba zai iya tashi daga zaman makoki ba, mutane kuma sun ce ba za su shiga gona da kiɗa da shewa babu shi ba. Gayya sai bayan sadakar bakwai, Talata mai zuwa.

Ƙauna ta ce ba komai, Allah ya kai mu. Yana juya baya ta zarce gidan Hansai ko takalmi ba ta sa daidai ba.

“Inna, sai Talata.”

Hansai ta buɗe firji ta ciro samira ɗaya. Miyar ta kama jikinta, man ya daskare ja wur, ƙamshinta kamar yanzu aka sauke.

“Kin gani, Inna? Lafiyarta ƙalau. Ba za ta kai ba?”

“Ba za ta kai ba.”

“Ko an tafasa ranar Asabar an mayar?”

“Ƙauna, zauna.” Ƙauna ta zauna a bakin gado, Hansai ta ci gaba. “Firji ba ya tsayar da lalacewa, rage mata gudu kawai yake yi. Miyar nama kwana uku ce, in an matsa huɗu. Talata kika dafa, to Juma'a, iyaka Asabar. Bayan nan ko ta yi kyau a ido, ko hanci bai ji komai ba, ni ba zan zuba wa ɗan wani ba. Tafasawa a mayar, a sake tafasawa a mayar, wannan wasa da cikin mutane ne. Da gidan ƙanƙarar nan babba ne da na daskarar miki da ita duka, ta yi wata biyu ba abin da zai same ta. To ga shi, robobi biyu ya ɗauka.”

“Robobi biyu,” in ji Ƙauna, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Maza cike da gona.”

Sai hawaye. Tun rasuwar Yunis ta koyi yin kuka ba sauti saboda yara, haka ta yi shi yanzu. Ba naman ne ya dame ta ba. Abu ɗaya ne mutumin nan ya ce zai yi wa mutane, ta riƙe masa shi wata uku, ta hana dillalai, ta hana kanta, ga shi zai suɓuce a kwana uku na ƙarshe. Hansai ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta miƙo mata ruwa a moɗa.

Da ta sha ta share fuska, ta daɗe tana kallon samirar mai jan fure. Can ta ce, “Inna, gobe ne sadakar uku ko?”

“Gobe ne.”

“Su waye za su taru?”

“Kowa mana. Duk unguwa, da baƙi.”

“Ashe masu gayyar ne dai.” Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. “Shi cewa ya yi su ci. Gara su ci tana da lafiya. Ranar Talata kuma in garin kuka kaɗai gare ni, kukar zan kaɗa, in ji kunyar in gama.”

Ranar Alhamis da safe suka juye kwanonin a tukunyar coci, aka hura mata wuta sosai. Hansai ta tsaya a kai tana juyawa har ƙasa, ba ta yarda an sauke ba sai da ta ga tana tafasa ko'ina, tsakiya da gefe, ta kuma tsaga tsoka mafi kauri ta ga tururi na fita daga cikinta. “Sau ɗaya ake ɗumame,” ta ce. “Abin da ya rage yau ba ya komawa firji.” Ba ta san babu abin da zai rage ba.

Mata huɗu suka kai tukunyar gidan makoki da zafinta, inda aka riga aka tuƙa tuwon shinkafa. Ƙauna ta zauna cikin mata a tsakar gida, tana jin hayaniyar maza daga waje, tana ganin kwanuka na fita a cike suna dawowa a sharce. Wata baƙuwa daga Malumfashi ta tambayi wa ya yi wannan miya, aka nuna mata Ƙauna, ta ce Allah ya yi wa hannun nan albarka. Da Ƙauna za ta tafi, Malam Mudi ya taso daga tabarmar zaure, idanunsa sun faɗa. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwa. Ya ce, “Na gane naman nan, ni na yanka shi.” Sannan ya ce, “Allah ya saka da alheri, Maman yara,” ya koma ya zauna.

Washegari ta wanke kwanonin aro ta bi gidaje tana mayarwa. Ba a mayar da kwanon mutane wayam, ita kuwa ba ta da abin kirki, sai ta sa ƙwayar daddawa bibbiyu a kowanne, cikin wadda take yi ta sayarwa. Tana miƙawa tana ba da haƙuri. Tsohuwa mai langa ta shinshina daddawar ta ce ta fi langar daraja.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Masara ta bushe a tsaye, wasu karan sun fara kwanciya, gara na jira a ƙasa. Ta daka kuka, ta tanadi garin tuwo. Mama Victoria ta ce a yanka kazarta guda ɗaya, Ƙauna ta ce kaza ɗaya a wannan taro ai sai dai a nuna musu ita daga nesa. Ranar Lahadi a coci ana waƙa tana lissafin yadda za ta tsaya a gaban mutanen da suka yini a rana ta miƙa musu miya ba ko ƙashi. Ranar Litinin Hansai ta leƙo ta katanga ta ce ta sauko da robobin nan biyu daga gidan ƙanƙara zuwa cikin firji, su narke a hankali cikin sanyi, don ba a barin su a waje su narke. Ƙauna ta ce to, ta gode, a ranta kuwa tana cewa me robobi biyu za su yi.

Talata ta zo. Tun da sassafe ta ji ganga a bakin gona. Maza suka shiga masara a jere, Malam Mudi a gaba, ana karya ana jefawa, buhu na cika ana ja. Ita tana gida tana tuƙi, ta kaɗa kukarta, ta ji gishiri ya yi, daddawa ta yi, sai dai miya ce ta ranar da ba baƙo. Da rana ta take, ta ɗora tuwo a baro, ta ɗauki tukunyar kuka a ka, ta kama hanya tana jin kamar ta koma.

Tana shan kwanar gonar ta tsaya cak. A ƙarƙashin ɗorawar da ke kan iyaka mata ne zaune, gabansu kwanoni a jere. Ta gane su ɗaya bayan ɗaya. Ga samirun Nana Aisha masu jan fure, cike da miyar taushe. Ga tasar matar Buba da dambu. Ga kwanonin silban matar fasto da wake da shinkafa. Ga langa mai lotsattsen gefe, an dafa ƙwai an jera a ciki. Gidan Malam Mudi kuwa tukunya guda suka aiko, ta naman rago.

Ƙauna ta sauke tukunyar kukar a hankali don kada ta suɓuce mata. “Wannan fa?” ta ce. “Wa ya ce ku wahalar da kanku?”

“Ke kika fara,” in ji Nana Aisha. “Kin dawo mana da kwano da daddawa, to daddawa miya ake yi da ita.”

Mata suka sa dariya. Ƙauna ta rasa wadda za ta fara yi wa godiya, ta bi su ɗaya-ɗaya tana kama hannuwansu, tana cewa Ubangiji ya saka, Ubangiji ya tuna da ku ranar taku. A nan ne Hansai ta iso a bayan babur, tana faɗa da mai babur ɗin kan ramuka, rungume da 'yar tukunya a naɗe da tawul. Yanzu ta sauke ta daga wuta, murfin na ta ɗigar gumi.

Maza suka fito daga gona suka wanke hannu suka zauna. Aka fara rabo. Malam Mudi ya ɗaga hannu ya ce a dakata.

“Hajiya Hansai, an ce akwai sauran ta Yunis.”

“Akwai, Malam, amma ba ta fi a lasa ba.”

“A fara da ita.”

Hansai ta buɗe tukunyar, ƙamshin ranar Talatar da ta wuce ya tashi kamar ba a yi kwana bakwai ba. Ta miƙa wa Ƙauna ludayi, Ƙauna ta ga ludayi ya yi girma, ta karɓi cokali. Ta bi layin mazan nan tana ɗiga wa kowa cokali ɗaya a kan tuwonsa, Hansai na biye da ita tana yaga tsokar da ta rage sili-sili don ta zagaya. Ba wanda ya ce kaɗan ne. Sada ya ce a ƙara masa don shi ya fi kowa sunkuyawa, aka yi masa ca. Rabe ya karɓi nasa da hannu biyu.

Ta kai ƙarshen layi da sauran cokali guda a gindin tukunya. Ta waiwaya ta ga Mama Victoria, wadda ta takarkare ta biyo ta da sandarta har gona, tana zaune a kan buhun masara tana kallon mutanen da ke cin abinci a gonar ɗanta. Ƙauna ta je ta durƙusa a gabanta, ta kankare tukunyar ta zuba mata a kan ɗan tuwo.

Mama ta kai loma, ta daɗe tana taunawa, ko da yake ba wani abin taunawa a ciki. Ta share ido da bakin gyale.

“Kowa ya samu?” ta ce.

“Kowa ya samu, Mama.”